Kwanakin Mura: Daga Ƙaiƙayin Maƙogwaro Zuwa Tarin Ƙarshe

 

Maganar da ta tara mu yau ita ce mura. Babu wanda ke zaune a nan da bai san ta ba, domin baligi yakan yi ta sau 2 ko 3 a shekara, ƙaramin yaro kuwa sau 6 zuwa 8, wani ma ya zarce haka. Amma da za a tambayi kowannenmu kwana nawa take yi, wace rana ce ta fi tsanani, yaushe ne ya kamata tarinta ya tsaya, da an ji amsoshi masu nisa da juna. Wannan rashin sanin yana da tsada ta fuska biyu. Yana sa a kashe kuɗi a kemis a kan ciwon da ya riga ya kama hanyar tafiya, kuma yana sa a zauna a gida da ciwon da ya daina zama mura, ana cewa ai mura ce. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne cewa mura tana da tafiya sananniya, kamar tudu guda: hawa na kwana biyu ko uku, sai gangara mai tsawo. Wanda ya san wannan tafiya ba zai auna ciwonsa da launin majina ko da wahalar yini ɗaya ba. Zai auna shi da tambayar ina ciwon ya dosa, kuma a rana ta nawa ake.

Wannan lissafin kwanaki ba ƙiyasi ba ne. A shekarar 1946 aka buɗe wata cibiyar binciken mura kusa da garin Salisbury a Ingila, ta yi aiki fiye da shekara 40. Masu sa kai sukan je su zauna kimanin kwana 10 a keɓe, a ɗiga musu ƙwayar cutar a hanci, sannan a bi su kullum ana rubuta abin da suka ji, har hankicin da suka fyace majina a ciki ake ƙirgawa. Da yake an san sa'ar da cutar ta shiga, an iya ganin farkonta da ƙarshenta ba tare da dogaro da tunanin mara lafiya ba. A 1956 kuma wani masani a Amurka, Winston Price, ya ware ɗaya daga cikin ƙwayoyin da daga baya aka kira rainobairos, dangin da ke haddasa kusan rabin murar da mutane ke yi. Wannan dangi kaɗai yana da iri fiye da 150, ga kuma wasu dangogin da ke kawo ciwo mai kama da shi. Jiki yana koyon irin da ya gamu da shi, amma na gaba da zai zo wani ne daban. Shi ya sa mutum yake yin mura tun yana goye har tsufa.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi rana-rana. A ce magidanci ne mai shekara 35, tela, lafiyayye, ba shi da asma ko ciwon suga. Ranar Juma'a da yamma ƙaramar 'yarsa ta dawo daga Islamiyya tana majina, ya share mata hanci da hannunsa, can an jima ya murza idonsa. Ƙwayar ta bi 'yar hanyar da hawaye ke bi daga ido zuwa hanci, ta sauka a can bayan hanci, inda hanci da maƙogwaro suka haɗu. Wurin ya yi mata daɗi, domin tana hayayyafa sosai a ɗumin da bai kai na cikin jiki ba, wato awo 33 zuwa 35, kuma haka cikin hanci yake saboda iskar da ke ratsa shi. Daren Juma'a bai ji komai ba. Asabar ma ya wuni a kan kekensa lafiya ƙalau. Wannan shiru yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3, kuma cikinsa ne cutar take kafuwa.

Ranar Lahadi da yamma ya ji maƙogwaronsa ya bushe, yana ƙaiƙayi, haɗiyar yawu tana ɗan yi masa zafi. Ga kasala, ga ɗan jin sanyi-sanyi, ga atishawa jefi-jefi. Daga nan muke fara ƙirga: wannan ita ce rana ta 1. Abin da ke sa wannan ƙaiƙayi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya. Da masu bincike suka ɗebi fatar cikin hancin masu murar rainobairos suka duba, sun tarar ɓarnar da ƙwayar ta yi kaɗan ce ƙwarai. Abin da mutum ke ji martanin jikinsa ne. Ƙwayoyin jikin da cutar ta shiga suna fitar da sinadaran kiran agaji, ɗaya daga cikinsu ana ce masa biradikinin, shi ne yake tsokanar jijiyoyin maƙogwaro ya sa zafi. An taɓa fesa wannan sinadari shi kaɗai a hancin lafiyayyun mutane, ba tare da wata ƙwayar cuta ba, suka sami zafin maƙogwaro da yoyon hanci da toshewa. Akwai kuma mutanen da ƙwayar take shiga jikinsu ta fita ba su ji komai ba, kusan 1 cikin 4 a irin waɗannan gwaje-gwaje.

A nan ne za a ce mini, ai ranar Lahadin da rana ya sha ruwan ƙanƙara, ko ya kwana ƙarƙashin fanka, shi ya jawo masa. Maganar ba ta rasa ɗan tushe ba. A Salisbury an sa mutane sun tsaya cikin iska da jiƙaƙƙun tufafi, ba a ga sun fi sauran kamuwa ba, amma wani gwaji da aka yi a Cardiff a 2005, inda aka tsoma ƙafafun mutane cikin ruwan sanyi na minti 20, ya nuna waɗanda aka sanyaya sun fi ba da rahoton alamun mura a kwanakin da suka biyo. Mai yiwuwa sanyi yana taimaka wa ƙwayar da ta riga ta shiga. Abin da ba zai iya yi ba shi ne ya haifar da ita. Mutum yana ɗora laifi a kan abin da ya yi awa uku da suka wuce saboda shi yake tunawa, alhali abin ya faro tun shekaranjiya a hannun da ya share hancin yarinya. Hunturu ma haka yake: ƙura da busasshiyar iska suna wahalar da hanci, kuma mutane suna cunkushewa a ɗaki a rufe taga, sai cutar ta sami sauƙin tsallakawa.

Litinin, rana ta 2, zafin maƙogwaro ya fara ja da baya, hanci ya karɓi aiki. Majina tsararo kamar ruwa tana zuba, atishawa a jere, ido yana hawaye. Talata, rana ta 3, ita ce ƙololuwa. Hanci ya toshe, kai ya yi nauyi, abinci ba ɗanɗano, murya ta shaƙe, barci ya gagara saboda da baki ake numfashi. Mutane da yawa suna zaton majina ce ta cika hanci ta toshe shi, shi ya sa suke ta fyacewa da ƙarfi ba sa samun sauƙi. Toshewar daga kumburi take. A cikin hanci akwai hanyoyin jini masu faɗi, su ne suke cika su kumbura su matse hanyar iska. Jiki kuma dama yana karɓa-karɓa tsakanin kafofin hanci biyu, wannan ta buɗe wannan ta matse, ko da lafiya. Mura tana fito da abin fili ne kawai, shi ya sa mutum yake jin toshewar tana ƙaura daga dama zuwa hagu idan ya juya a shimfiɗa. Ɗanɗano kuwa ya tafi ne domin yawancin abin da muke kira daɗin abinci ƙamshi ne, kuma ƙamshin bai sami hanyar hawa ba. Waɗannan kwana biyu zuwa uku na farko su ne lokacin da ƙwayar ta fi yawa a majina, don haka su ne lokacin da telan namu ya fi yaɗa ta ga yaran shagonsa da iyalinsa. Wanke hannu da sabulu, da kauce wa jariri da tsoho, a waɗannan kwanaki suka fi amfani.

Ku lura da abin da babu a wannan hoto: zazzaɓi mai zafi. Baligi mai mura yakan ji ɗumi-ɗumi ko bai ji komai ba. Yara kan yi zazzaɓi a kwana biyu ko ukun farko, sannan ya sauka. Idan baligi ya tashi lafiya da safe, kafin la'asar ya kwanta warwas da masassara da ciwon gaɓoɓi da zafin jiki mai tsanani, wannan ba hawan mura ba ne, domin ita a hankali take hawa. Yana iya zama babbar murar nan mai kayar da mutum, yana iya zama korona, kuma a ƙasarmu dole a sa zazzaɓin cizon sauro a lissafi a je a yi gwajin jini, wanda ba ya wuce minti 20. Samun majina a hanci ba ya kore maleriya, ana iya haɗa su biyun a jiki ɗaya.

Yanzu mun zo wurin da aka fi yin kuskure, wato Laraba da Alhamis, rana ta 4 da ta 5. Telan ya fyace hanci ya ga majinar ta yi kauri, ta koma rawaya, washegari ta yi kore-kore. Sai hankalinsa ya tashi, ya ce ciwon ya nuna, ya zama ruɓa, sai an sha kafso. To mene ne ya canza launin? Tun ranar farko jiki yake turo fararen ƙwayoyin jini zuwa hanci. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da wani sinadari mai ƙarfe a cikinsa wanda launinsa kore ne. Idan suka taru da yawa suka mutu a cikin majina, sai ta ɗauki launinsu, musamman da safe bayan ta kwana a wuri ɗaya. Haka yake faruwa ko bairos ne ya kira su ko bakteriya. Launin yana gaya mana cewa garkuwar jiki ta yi aiki a wurin, ba ya gaya mana da wa ta yi. Kuma idan aka tambayi telan da kyau, zai ce ciwon kan ya ragu a kan na Talata, ya ɗan ci tuwo, ya yi barci mai dama-dama. Majina ta yi muni a ido, mutum kuma ya fara samun sauƙi. Wannan shi ne farkon gangara.

Amma ba a tambaye shi ba. Ya je kemis ranar Laraba, an haɗa masa amoksisilin da maganin mura da na maleriya, wataƙila har da allura. Ranar Juma'a ya ji garau-garau, ya je masallaci, ya gaya wa maƙwabcinsa cewa kafson nan yana da kyau. Ga babbar hujjar da ake kawo mini ke nan: na sha, na warke. Ba na ƙaryata mai wannan magana, gaskiya ya faɗa, ya sha kuma ya warke. Sai dai mu tambayi kanmu, yaushe mutum yake neman magani? Ba ya nema ranar ƙaiƙayin maƙogwaro, sai ranar da abin ya fi damunsa, wato a ƙololuwa ko dab da bayanta. Daga ƙololuwa kuwa babu inda za a nufa sai ƙasa. Duk abin da aka sha a rana ta 3 ko ta 4, kafso ne ko tafasasshen ganye ko ruwan zalla, zai sami yabon sauƙin rana ta 6. Hanya ɗaya ce ta raba gardama: a ɗauki masu mura a raba su biyu, a ba wasu antibayotik, a ba wasu ƙwayar da babu komai a cikinta, ba wanda ya san abin da aka ba shi. An yi wannan sau da yawa, a manya da yara, kuma da aka tattara sakamakon an ga kwanakin ciwon ɗaya ne, sai dai masu shan maganin sun fi samun gudawa da tashin zuciya. Dalilin a fili yake. Antibayotik yana aiki ne a kan sassan jikin bakteriya, kamar bangon da ke kewaye da ita, bairos kuwa ba shi da waɗannan sassa. Abin da ya fi damuna shi ne asarar ba ta tsaya a kuɗin telan ba. Kowace kafso da aka sha ba bisa buƙata ba tana horar da bakteriyar da ke zaune a jikinsa ta saba da maganin, har ranar da 'yarsa za ta kamu da nimoniya a ba ta shi ya ƙi ci.

Wani zai ce, to nauyin da nake ji a goshi da kumatu fa, ba alamar ciwon ya shiga ƙashi ba ne? A ƙasusuwan fuska akwai koguna masu iska da ke haɗe da hanci. A 1994 Jack Gwaltney da abokan aikinsa a Jami'ar Virginia sun ɗauki hoton waɗannan koguna a jikin mutanen da ke cikin kwanakin farko na mura, suka ga kusan 9 cikin 10 suna da kumburi ko majina a ciki. Da aka sake ɗaukar hoton wasu daga cikinsu bayan mako biyu, ba tare da sun sha antibayotik ba, yawancinsu sun washe ko sun kusa. Ashe nauyin fuska ɓangare ne na murar kanta. Waɗanda bakteriya ke shiga kogunansu da gaske ba su wuce 2 cikin 100 na manya ba, kuma likitoci suna gane su ne ta hanyar kwanaki, kamar yadda zan zo kai.

Wannan ba yana nufin a bar mutum ya sha wuya ba. Akwai abin da ke rage wahala ko da bai rage kwanaki ba, kuma ya kamata a san bambancin. Farasitamol yana sauƙaƙa ciwon kai da na maƙogwaro. Baligi ya sha ƙwaya 1 ko 2 masu awo 500, tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. A kula, yawancin magungunan mura da ake sayarwa a haɗe akwai farasitamol a cikinsu, mai shan biyun yana ninka wa hantarsa kaya bai sani ba. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri a kurkure maƙogwaro, shayi mai citta da lemun tsami, kunu mai zafi, duk suna sanyaya rai kuma suna hana bushewa. Zuma cokali guda da dare tana rage tarin yara, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Maganin fesawa ko ɗigawa a hanci mai buɗe toshewa yana aiki nan take, sai dai idan aka wuce kwana 3 zuwa 5 ana amfani da shi, hancin yakan koma toshewa fiye da da. Sirace yana ba wasu sauƙi na ɗan lokaci, amma tukunyar tafasasshen ruwa kusa da ƙaramin yaro haɗarinta ya fi amfaninta. Asfirin kuma ba na yara ba ne.

Asabar, rana ta 7, telan yana kan kekensa. Majina ta ragu, ɗanɗano ya dawo, ƙarfi ya dawo. Yawancin manya suna fita daga murar tsakanin rana ta 7 da ta 10, yara sukan kai mako biyu. Amma abu guda ya rage, kuma sau da yawa ma sai yanzu ya fi fitowa: tari. Yana zuwa da dare idan an kwanta, ko da asuba idan iska mai sanyi ta buga, ko idan aka yi dariya ko doguwar magana. Dalilinsa biyu ne. Ragowar majina tana gangarawa ta bayan hanci zuwa maƙogwaro, sannan jijiyoyin da ke tayar da tari sun zama masu saurin tsokanuwa bayan kumburin da suka sha, abin da da ba zai dame su ba, kamar ƙura ko hayaƙin girki ko turaren wuta, yanzu yana tayar da su. A 2013 wani likita a Amurka, Mark Ebell, da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a kan irin wannan tari, suka tarar matsakaicin tsawonsa kusan kwana 18 ne. Da suka tambayi jama'a kwana nawa suke tsammani, amsar ta tsaya tsakanin 7 da 9. Tsakanin abin da ake tsammani da abin da ke faruwa akwai tazarar kusan kwana 10, kuma cikin wannan tazara ce ake komawa kemis karo na biyu a sayi wani kafson da kwalbar maganin tari. Mun san inda wasu daga cikin waɗannan kwalabe suka kai matasanmu, har gwamnatin Nijeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Tarin da ke raguwa daga mako zuwa mako, ba zazzaɓi, ba haki, ba rama, wutsiyar mura ce, kuma telan namu yana iya kaiwa Larabar mako na uku kafin ya lura ya daina.

Na bar hujja mafi nauyi zuwa yanzu, kuma ina ɗaukarta da muhimmanci. Uwa za ta ce: Malam, kana cewa a jira, amma mu a ƙauye muke, asibiti da nisa, kuma mun ga yaron da ya fara da majina aka binne shi bayan mako. Gaskiyarki, Hajiya. Nimoniya tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya da Nijar, kuma sau da yawa da mura take sallama. Amma amsar wannan tsoro ba ita ce a ɗura wa kowane yaro mai majina antibayotik ba, domin ba a ga hakan yana hana nimoniyar zuwa ba. Amsar ita ce a san tafiyar mura sosai har a gane ranar da ciwo ya kauce mata. Kaucewar iri uku ce. Ta farko, ciwon ya yi tsanani tun farko fiye da yadda mura ke yi, kamar zazzaɓin awo 39 da ya ƙi sauka kwana 3. Ta biyu, a kai rana ta 10 babu wani sauƙi ko kaɗan, majina da ciwon fuska suna nan yadda suke. Ta uku ita ce wadda nake so kowa ya riƙe: a fara samun sauƙi, sannan a koma baya. Da a ce telan ya ji daɗi ranar Alhamis da Juma'a, sai ranar Asabar zazzaɓi ya taso sabo, da ciwo a gefe ɗaya na fuska, ko suka a ƙirji idan ya ja numfashi, to wannan tudu na biyu ne, mura kuwa guda take da shi. A yaro yakan zo da ciwon kunne: ya yi ta kuka da dare yana jan kunnensa bayan an ɗauka ya warke. Nan ne antibayotik yake iya samun gurbinsa, kuma ma'aikacin lafiya ne zai duba ya yanke.

Ga yara akwai awo da kowace uwa za ta iya yi a ɗakinta da agogon waya. A bari yaron ya natsu, ba yana kuka ba, a ɗaga rigarsa, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti guda cur. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne: jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa, daga wata 2 zuwa shekara 1, 50, daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan ya kai haka, ko aka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa kama nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba a iya tashinsa, ko ya yi jijjiga, ba a jiran gobe, ko a rana ta nawa ake. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa dalilin tafiya asibiti. Toshewar hanci takan sa jariri ya yi ta sakin nono don ya numfasa. Ɗigon ruwan gishiri na kemis a hanci kafin shayarwa yakan warware wannan, idan bai warware ba a kai shi a duba.

Akwai kuma cututtukan da ke shigowa da kamannin mura a kwanakin farko, kuma kwanakin ne ke tona su. Ƙyanda tana farawa da majina da tari da jan ido da zazzaɓi, amma maimakon zazzaɓin ya sauka a rana ta 3 ko ta 4, sai ya ƙaru, ƙuraje su feso daga bayan kunne da fuska. Tarin shiƙa yakan yi mako ɗaya ko biyu kamar mura mara ƙarfi, sannan a daidai lokacin da ya kamata tari ya lafa, sai ya zama sarƙaƙƙe mai shiɗewa da amai. Mashaƙo, wanda ya yi mana ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023, yana farawa da ciwon maƙogwaro, amma ciwon maƙogwaron mura kwana biyu yake yi ya wuce, wannan kuwa ƙaruwa yake, wuya ya kumbura, a ga wani farin abu mai toka-toka ya lulluɓe cikin maƙogwaro. Zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, maganar sanƙarau ce, ba ta kwana.

Saura tambaya guda da na san ma'aikatan lafiyar da ke nan za su yi. Na ce tarin mura yana iya kaiwa kwana 18, alhali ana koya mana cewa duk tarin da ya kai mako 2 a je a yi gwajin tarin fuka. Babu saɓani tsakanin maganganun biyu. A ƙasar da tarin fuka yake da yawa kamar tamu, gwajin kaki a mako na biyu abu ne mai kyau, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware don haka, kuma babu abin da mutum ya rasa idan aka ce ba shi da shi. Abin da nake hanawa shi ne a cike waɗannan makonni da kafso iri-iri daga kemis, domin wasu daga cikinsu suna danne alamun tarin fuka na ɗan lokaci su jinkirta gano shi. Tarin da ya biyo bayan mura sananniya yana raguwa; na fuka yana nan ko yana ƙaruwa, tare da gumin dare da zazzaɓin yamma da rama, wani lokaci da jini a kaki. Mai asma, da mai ciwon suga, da mai juna biyu, da tsoho, da mai cutar da ta raunana garkuwar jikinsa, su kuma kada su jira cikar waɗannan kwanaki, su nemi a duba su da wuri idan numfashi ya fara yi musu nauyi.

A nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.